Kirari da Amshi: Yadda Mawaƙan Baka Suke Riƙe Dubban Ɗangogi a Ka

Mutumin Zangon Kumasi yana zaune ne a mahaɗar fadoji uku ta fuskar waƙa. Ranar Salla, ko ranar naɗin sarauta, yana jin maroƙan Hausa da kalangu da algaita suna jero kirarin Sarkin Zango da na manyan gari. A bikin Dagwambawa, a Aboabo ko Sabon Zango, yana ganin makaɗan da ake kira lunsi sun tsaya gaban mutum suna kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har sai ya miƙe ya taka. Idan kuma Akwasidae ta zagayo, bayan kowace kwana 42, a fadar Manhyia akwai masu waƙar kwadwom da masu gangunan atumpan, suna ambaton sarakunan Asante da suka shuɗe. Harsuna uku ne, amma kunne yana kama abu guda a cikinsu duka: suna ɗaya yakan zo da laƙabi biyar, zance ɗaya yakan dawo sau goma, kuma mai waƙar ba ya riƙe da takarda.

Daga nan tambayoyi biyu suke tasowa. Me ya sa ake yawan maimaici haka? Kuma ta yaya mutumin da bai taɓa rubuta waƙarsa ba yake kwana yana rerawa ba tare da ya kakare ba? Amsar tambayoyin nan guda ce, domin maimaicin da kirarin su ne kayan aikin da suke sa doguwar waƙa ta yiwu.

AUDUN DA YA BA MASANA MAMAKI

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan al'amari daga nesa ta zo. Wani malamin Jami'ar Harvard mai suna Milman Parry ya daɗe yana nazarin waƙoƙin Homer na tsohuwar Girka, Iliad mai ɗango sama da 15,000 da Odyssey mai kimanin 12,000. Ya lura cewa kowane jarumi a cikinsu yana da laƙabobi masu tsawo daban-daban, kuma mawaƙin yakan ɗauko wanda ya dace da gurbin da ya rage a ɗango. Sai ya yi zaton cewa wannan alama ce ta waƙar da aka ƙaga da baki a gaban jama'a. Don ya gwada zatonsa, tsakanin 1933 da 1935 ya tafi ƙasar Yugosilabiya ta wancan zamani, shi da ɗalibinsa Albert Lord, suka ɗauki muryoyin mawaƙan da suke rera labaran yaƙi da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, gusle, ɗan'uwan gogenmu da kukumarmu.

A garin Bijelo Polje, cikin Montenegro ta yau, suka gamu da Avdo Međedović, Musulmi, manomi, wanda bai iya karatun boko ba. Sunan Avdo gajeren Abdullahi ne, wato dai Audu. A 1935 ya shibta musu waƙar auren wani jarumi, Smailagić Meho, ta kai ɗango 12,311. Wata rana Parry ya shirya masa jarrabawa. Ya sa wani mawaƙi mai suna Mumin ya rera wata waƙa da Avdo bai taɓa ji ba, yana zaune yana saurare, ta kai ɗango 2,294. Da aka gama, sai aka tambayi Avdo ko zai iya maimaita ta. Ya karɓi gusle ya rera labarin nan daga farko har ƙarshe, amma a bakinsa ya zama ɗango 6,313.

A nan asirin ya fito fili. Da haddar kalmomi Avdo ya yi, da bai wuce adadin Mumin ba, kuma ji ɗaya ba ya isa a haddace ɗango dubu biyu. Abin da ya ɗauka daga bakin Mumin shi ne hanyar labarin: wane ne ya aika wasiƙa, wane ne ya tara runduna, ina aka yi karo, wa ya faɗi. Kalmomin kuwa daga rumbunsa ya ɗebo su, rumbun da ya shekara hamsin yana cikawa da shiryayyun zantuka na ɗaura sirdi, da zaman majalisa, da fitar mayaƙa. Da Lord ya koma a 1950 ya sake ɗaukar waƙar Meho daga bakin Avdo, wanda a lokacin ya tsufa kuma ba shi da lafiya, labarin yana nan yadda yake, amma ɗangogin sun sauko zuwa dubu takwas da 'yan kai. Littafin da Lord ya fitar a 1960, The Singer of Tales, a kan wannan bincike aka gina shi.

KIRARI A MATSAYIN TUBALI

Don mu gane yadda laƙabi yake taimakon mawaƙi, bari mu gwada da Hausa. Gaɓoɓin kalmar Hausa iri biyu ne. Akwai sassauƙa, mai gajeren wasali, kamar "sa" ta farkon kalmar sadauki. Akwai kuma mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko take rufe da baƙi, kamar "dau" ko "jan". Mu ba sassauƙa awo ɗaya, mai nauyi awo biyu. Da wannan lissafi, zaki awo huɗu ne, sadauki biyar, jan gwarzo shida, toron giwa takwas. Duka huɗun sunayen yabo ne da za a iya kiran basarake ɗaya da su, amma tsawonsu ya bambanta.

Yanzu mu ƙaddara kiɗan ya ba mawaƙi gurbin awo 16 a kowane ɗango, kuma abin da yake son faɗa shi ne ubangidansa ya yi hawa. Wannan misali ne kawai da aka ƙera don bayani, ba daga wata waƙa aka ciro shi ba. Idan ya ce "ya hau doki", ya ci awo takwas, saura takwas, sai ya cike da toron giwa. Idan ya ce "ya hau doki jiya", goma ke nan, saura shida, jan gwarzo ya shiga daidai. Idan ya ce "ya hau farin doki", sha ɗaya, sadauki ne zai rufe. Idan kuma ya ce "ya hau doki ya tafi", sha biyu, zaki ya ishe shi. Ma'anar ba ta canja ba, wanda ake yabo bai canja ba, laƙabin ne yake miƙewa ko ya taƙaita gwargwadon abin da ya rage kafin kiɗa ya zagayo.

Mawaƙi ba ya wannan ƙidaya da yatsa, kamar yadda mai tuwo ba ta auna ruwa da sikeli. Kunnensa ne ya saba. Kuma waƙar baka ta Hausa ta fi wannan misali sassauci, domin mawaƙi yana iya jan wasali, ko ya gaggauta gaɓoɓi, ko ya bar kalangu ya cike gurbin. Amma tushen dabarar yana nan: wanda yake da laƙabi ashirin ga mutum ɗaya ba zai rasa abin rufe ɗango ba, alhali mai laƙabi ɗaya dole ya tsaya neman kalma, kuma kiɗa ba ya jiran kowa. Shi ya sa yaron makaɗi yake fara tara kirari tun kafin a bar shi ya buɗe baki a fage.

Akwai dalili na biyu da ya shafi ganga ita kanta. Kalangu da atumpan da lunga suna kwaikwayon hawa da saukar murya ne, ba su iya fitar da baƙaƙe da wasula. Kalmomin giwa, rana da sarki duk da murya sama-sama ake faɗinsu, gaɓa biyu masu nauyi, don haka a bakin ganga sauti ɗaya ne. Idan makaɗi yana so a gane wa yake kira, sai ya kaɗa dogon zance sananne wanda karinsa bai yi kama da na kowa ba. Wannan shi ne take. Tun a 1817, lokacin da Baturen nan Thomas Bowdich ya zo Kumasi, ya rubuta cewa kowane babban basarake yana da nasa busan ƙaho da jama'a suke gane shi da shi. R. S. Rattray kuma, a littafinsa na 1923, ya kawo tarihin sarakunan Mampong kamar yadda ake kaɗa shi a kan atumpan. Taken da aka canja ya daina zama take, saboda haka wannan sashe na waƙa shi ne mafi dawwama.

SUNA A MATSAYIN RUMBUN TARIHI

Kirari ba cike gurbi kaɗai yake yi ba, yana kuma ƙulle labari a cikin kalmomi biyu ko uku. Idan aka ce Kano ta Dabo, an ambaci Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, kuma zuriyarsa ce take sarautar Kano har yau. Idan aka ce Katsina ta Dikko, an tuna Muhammadu Dikko, sarki daga 1906 zuwa 1944, in kuma aka ce ta Korau an koma ɗaruruwan shekaru baya. Maƙwabtanmu ma haka suke yi: Oseikrom da ake kiran Kumasi ma'anarsa garin Osei, wato Osei Tutu, wanda ya karya Denkyira a Feyiase a 1701. Sarkin Gobir Bawa ya tafi da laƙabinsa na Jan Gwarzo har ya zama rabin sunansa, kuma duk wanda maroƙi ya kira jikan Bawa an riga an faɗi gidansu da ƙasarsu da abin da ake tsammani daga gare shi.

Ga mawaƙi, irin wannan suna ƙugiya ce da labari yake rataye a jikinta. Da ya ambaci laƙabin, abin da ya jawo laƙabin yana biye, kuma yana da zaɓi: ya faɗi sunan ya wuce, ko ya tsaya ya kwance ƙullin ya ba da labarin. Tsawon waƙa a nan yake. Jerin sunaye ɗaya yana iya ɗaukar minti biyar a ƙofar gida da safe, ya kuma ɗauki dare guda a fada.

Lunsi na Dagwamba sun kai wannan tsari matuƙa. Kowane sarkin Yendi yana da sunan yabo wanda shi kansa karin magana ne, kuma wasu daga cikin kiɗan rawar da ake takawa a bukukuwa sunayen sarakuna ne da aka mayar kiɗa. A lokacin Salla, a ƙofar fadar manyan sarakunansu, ana yin abin da suke kira Sambanlunga: babban makaɗi ya tsaya tun bayan sallar lisha har kusan asuba yana rera tarihin sarakuna irin su Na Gbewa da Na Nyagsi da Na Zanjina, sauran makaɗa suna amsa masa. Ba ya ƙare tarihin duka a dare ɗaya. Yakan bi jerin sunayen, sa'an nan ya zaɓi zamanin sarki guda ya zauna a kansa. Jerin shi ne igiyar da ba ta tsinkewa, labaran kuma su ne kayan da ake shanyawa a kanta.

AMSHI DA HANYAR WAƘA

Bahaushe ba shi da waƙar jarumi guda wadda ta game ƙasa kamar Sunjata ta Mandinkawa. Abin da yake da shi shi ne waƙoƙin fada, da na maza, wato 'yan dambe da 'yan kokawa da mafarauta da 'yan tauri, kuma wasunsu suna da tsawon da ba a riƙe shi sai da dabara. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun fito da sunayen sassanta yadda makaɗa suke kiransu: akwai gindin waƙa, wanda ake komawa gare shi kullum, akwai kuma ɗiyan waƙa, waɗanda jagora yake kawowa tsakanin gindi da gindi.

Gindi shi ne hutun jagora. Duk lokacin da 'yan amshi suka karɓa, ya sami 'yan daƙiƙu da zai ja numfashi, ya dubi fage ya ga wa ya shigo, ya shirya ɗan da zai biyo. Mai sauraro yana jin maimaici, shi kuwa jagora a lokacin yake aiki mafi wuya. Ga kuma sanƙira a gefe, yana ɗaga murya da kirarin wanda ya yi kyauta, da sunan ubansa da garinsu, don haka ko baƙo ne jagora bai sani ba, an miƙa masa tubalan da zai gina ɗa a kansa nan take.

Makaɗa ba su zama ɗaya a wannan fanni ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amshinsa gajere ne kuma tsayayye, ɗiyan kuwa a fage yake ƙaga su ko ya sake jera su. Wanda ya saurari Bakandamiyarsa a faifai biyu ko uku zai tarar gindi ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne, wasu ɗiyan suna dawowa, amma jerinsu da tsawon waƙar sun bambanta. Makaɗan fada irin Ibrahim Narambaɗa, mai kotso, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, tsarinsu ya fi ɗauri. Jagora yakan fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, su kuma yi ƙari, abin da ba ya yiwuwa sai an zauna an yi bita tare kafin a fita. A irin wannan ƙungiya waƙar ba a kan mutum ɗaya take ba, a rabe take tsakanin kawuna biyar ko shida, kuma idan jagora ya yi tuntuɓe akwai wanda zai tare shi.

Bayan gindi akwai hanya. Doguwar waƙa tana da zangogi kamar tafiyar fatake daga Kano zuwa Gwanja: madugu ba ya haddace kowace bishiya, amma ya san daga wane zango ake zuwa wane. Waƙar fada takan buɗe da ambaton Allah da neman tsari, ta shiga asalin ubangida, ta zo kan kyautarsa da jaruntakarsa, ta yi wa 'yan adawa zambo da habaici, mawaƙi ya yabi kansa. Waƙar Ɗan Anace ta ɗan damben nan Shago, wadda tana cikin abin da ya fi kusa da waƙar jarumi a Hausa, a kan karo bayan karo take tafiya. Irin wannan labari yana da ƙira da ake sake cikawa: a faɗi garin da aka haɗu, a wasa abokin karo har ya zama abin tsoro, a shiga fage, a kai shi ƙasa. Wanda ya mallaki ƙirar sau ɗaya zai iya zuba karo goma a cikinta, sunaye da garuruwa kawai zai riƙe.

Koyon sana'ar ma a kan wannan tsari yake. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da zama kusa da kiɗa, har karin ya shiga jikinsa. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga ya riƙa bin manya, sai ya shiga amshi, inda zai maimaita gindi da kirari sau dubbai a shekara. Sannu a hankali a bar shi ya share fage kafin jagora ya fito. Lord ya tarar da matakai masu kama da waɗannan a Yugosilabiya: saurare, sa'an nan gwaji a keɓe, sa'an nan rera cikakkiyar waƙa gaban jama'a. Ba a taɓa zaunar da yaron a ce ga ɗango na ɗaya, ga na biyu. Yadda ya koyi harshen uwa haka yake koyon harshen waƙa.

INDA HADDA TAKE DA GASKE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa babu masu riƙe dogon zance kalma da kalma. Duk wanda ya tashi a Zango ya san makarantar allo, ya san alaramman da ya haddace izu sittin ba ya kuskuren wasali. Amma hanyarsa dabam ce. Yana da rubutaccen nassi da ake komawa gare shi, yana da malami da yake gyara masa, yana da tilawa ta kullum. Abin lura kuma shi ne, wuraren da suka yi kama da juna su ne suka fi ba mahaddaci wahala, domin harshe yana iya zamewa daga wannan ya faɗa wancan. Kamannin da yake zame wa mawaƙin baka tsani, shi ne yake zame wa mahaddaci santsi.

Rubutattun waƙoƙin Hausa a tsakiya suke. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, tana da ɗaruruwan baitoci masu ɗango biyar-biyar, kuma makafi da almajirai sun yi ta rera ta da ka a kasuwanni da tashoshi. Abin da yake riƙe musu ita shi ne karin da ba ya canjawa da amsa-amon da yake rufe kowane baiti, ga kuma ajami da bugun boko da suke tsare ta. Haka waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga ya kuma rasu a 1934, almajiransa sun kwafe su sun yaɗa su a zangogin ƙasar nan. Irin waɗannan ana iya cewa mai rerawa ya yi kuskure, domin akwai asalin da za a auna shi da shi. Waƙar makaɗi kuwa, kowane dare da ya rera ta asali ne.

ABIN DA YAKE ƁACI, DA YADDA AKE GANEWA

Wannan dabara tana da iyaka, kuma wanda yake neman tarihi a bakin mawaƙi ya kamata ya san ta. Abu na farko shi ne mawaƙin kansa yakan rantse cewa bai canja komai ba. Masanin nan Jack Goody ya rubuta doguwar waƙar Bagre ta mutanen LoDagaa, a yankin Lawra da ke arewa maso yammacin Gana, a farkon shekarun 1950, ta kai ɗango kimanin 12,000, aka buga ta a 1972. Da aka koma da na'urar ɗaukar murya bayan shekaru, sai aka tarar sassa sun ragu, wasu sun ƙaru, har buɗewar da kowa yake ganin ya haddace ba ta fita iri ɗaya, alhali dattawa suna cewa Bagre ɗaya ce. Ba ƙarya suke yi ba. A wurinsu waƙa ɗaya tana nufin hanya ɗaya da sunaye ɗaya, ba jerin kalmomi ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne babban suna yakan haɗiye ƙanana. Sarakunan da suka yi gajeren zamani, ko waɗanda zuriyarsu ta rasa sarauta, sukan faɗo daga jeri domin babu mai biyan a ambace su, ayyukansu kuma su koma kan wanda kirarinsa ya fi ƙara. Waƙar Bagauda, wadda take jero sarakunan Kano da shekarun mulkinsu, kuma Mervyn Hiskett ya buga ta a 1964 da 1965, ba ta dace da rubutaccen tarihin Kano ba a wurare da dama, a sunaye da kuma adadin shekaru. Lamba ita ce abin da ya fi saurin lalacewa a waƙa, domin kari ne yake zaɓar ta.

Abu na uku shi ne mai gida. Gordon Innes ya buga labarin Sunjata a 1974 daga bakin mawaƙan Gambiya uku, Bamba Suso da Banna Kanute da Dembo Kanute, biyun ƙarshe 'yan'uwa ne, amma labaransu sun sha bamban a tsawo da abin da kowa ya ba muhimmanci. Mawaƙi yakan faɗaɗa rawar da kakan mai masaukinsa ya taka, ya taƙaita ta wasu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin maroƙi ya hango attajiri ya shigo fage.

To, ta yaya mai sauraro zai rarrabe? Hanya mafi sauƙi ita ce ya sami ɗauka biyu ta waƙa ɗaya, ko daga bakin mutum ɗaya a shekaru dabam, ko daga bakin mutum biyu, ya jera su. Abin da ya dawo ba canji, wato take da gindi da jerin kakanni da sunayen wuraren da aka yi karo, shi ne tsohon ƙashi, kuma shi ya fi cancantar a gwada shi da rubutattun tarihi. Abin da ya miƙe a nan ya taƙaita a can, kamar yawan dawaki da bayi da kyautar da aka yi, ado ne na wannan dare. Siffar da aka ba sarki uku dabam-dabam da kalmomi iri ɗaya tubali ce, ba shaida ba ce a kan ko ɗaya daga cikinsu. Laƙabin da shi mawaƙin ma bai san ma'anarsa ba kuwa, a riƙe shi da kyau, domin sau da yawa shi ne mafi tsufa a cikin waƙar: kiɗa ya tsare sautinsa bayan harshen yau da kullum ya manta da kalmar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hausawan da suka taru a Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Ingilishi a 1896 sun zo da kirarin gidajensu na Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, kuma a bakin maroƙa da tsofaffin mata masu guɗa da kirari a gidan biki wasu daga cikin sunayen nan suke har yanzu. Duk mai niyyar ɗaukar muryar irin waɗannan dattawa, kada ya wadatu da zama ɗaya. Ya ɗauka yau, ya koma bayan wata guda ya sake ɗauka, kuma a kowane laƙabi ya tsayar da mai faɗa ya tambaye shi: wane ne aka fara kira da wannan suna, kuma me ya yi aka kira shi haka? Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa dattawanmu lafiya.